Agogon da ba ya ƙarewa: yadda shagunan intanet ke ƙirƙiro gaggawa, ƙarancin kaya da ragin bogi

Duk wanda ke zaune a Sabon Wuse, Gauraka ko garin Tafa, muddin yana leƙa Facebook ko TikTok a wayarsa, ya san irin tallan nan. Ɗan gajeren bidiyo ne: ga bilenda tana markaɗa aya, ga fitila mai sola ta haska tsakar gida, ga na'urar cajin waya da aka ce tana kwana uku ba ta mutu ba. Da an danna sai shafi ya buɗe. A can sama wani jan agogo yana ƙirge da baya, saura minti goma sha huɗu da 'yan daƙiƙu. A ƙarƙashinsa an rubuta wani babban farashi an soke shi da layi, an kafa ƙarami kusa da shi. Sai wani rubutu mai ƙyalli, `Only 3 left in stock`, wato saura uku kacal. Daga ƙasa kuma ga gurbin suna, lambar waya da adireshi, tare da alkawarin cewa sai kaya ya iso hannu za a biya.

Abubuwa ukun nan kowannensu magana ce mai shago ya faɗa. Agogon yana cewa farashin nan zai tashi a lokaci kaza. Gargaɗin yana cewa adadi kaza ya rage a ma'ajiya. Farashin da aka soke yana cewa a da a haka ake sayarwa. Kowace daga cikinsu tana iya zama gaskiya, tana kuma iya zama ƙarya, kuma akwai ma'auni guda da ke raba su. Maganar gaskiya tana rataye da wani abu da ke wajen mai saye: wata rana a kalanda, wasu kwalaye a sito, wani farashi da mutane suka taɓa biya. Ta ƙarya kuwa tana rataye ne da zuwan mai sayen kansa. Shigowarsa ce ta tayar da agogon, bincikensa ne ya haifi lambar, kuma dominsa aka rubuta tsohon farashin. Wanda ya riƙe wannan ma'auni zai iya gwada kowane shafi da wayar da ke hannunsa.

Mutumin da ya saba da kasuwar Madalla ko kasuwar IBB ta Suleja ba baƙo ba ne ga matsin ɗan kasuwa. Ya sha jin "wallahi shi kenan ya rage" da "gobe kuɗinsa ya canja". Amma a can yana da makamai. Yana iya ɗaga ido ya ga ko akwai wasu a kan kanta. Yana iya tayawa a ce masa albarka, ya juya ya kama hanya, a kira shi a sallama. Yana iya zagayawa rumfa ta gaba ya ji nawa ake bayarwa. A waya babu kanta, babu tayi, babu rumfar maƙwabci a gefe, kuma agogon an kafa shi ne domin ya cinye lokacin da mutum zai yi amfani da shi ya nemi waɗannan abubuwan.

Agogon shi ya fi sauƙin kamawa, don haka da shi ya kamata a fara. Mai shagon ba ya bukatar ƙwarewa kafin ya kafa shi. Da yawa daga cikin shafukan talla masu fuska ɗaya da ake yi a Najeriya ana gina su ne a kan WordPress, da manhajojin tsara shafi irin su Elementor. A cikin Elementor, wanda zai saka agogo yana da zaɓi biyu. Na farko shi ne `Due Date`: ya sa rana da sa'a, kowa a duniya ya ga lokaci ɗaya yana ƙarewa. Na biyu shi ne `Evergreen Timer`: ya sa tsawon lokaci kawai, misali minti goma sha biyar, kowane baƙo kuma agogonsa ya fara daga lokacin da ya shigo. Wadda ta buɗe shafin da hantsi a Sabon Wuse tana da minti goma sha biyar. Wanda ya buɗe shi bayan isha'i a Kaduna shi ma minti goma sha biyar. Wanda zai buɗe shi wata mai zuwa haka. Babu wata rana da ragin zai ƙare, domin tun asali ba a sa masa rana ba.

Wannan ba zato ba ne, an ƙirga shi. A 2019 wasu masu bincike daga Jami'ar Princeton da ta Chicago, ƙarƙashin jagorancin Arunesh Mathur, sun bi shafukan sayayya kusan 11,000 da na'ura. Sun samu agogon ƙirgen baya 393 a shafuka 361. Daga nan suka riƙa komawa waɗannan shafuka a kai a kai na kwanaki, su ga abin da ke faruwa in lokacin ya cika. Sai ga agogo 157 a shafuka 140 na yaudara ne: ko dai ya koma farko da zarar ya kai sifili, ko ya ƙare amma ragin yana nan daram. A Janairun 2023 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon duba shaguna 399 na intanet da hukumomin kare masu saye na ƙasashenta suka yi, aka samu 42 suna amfani da agogon bogi. Idan haka abin yake a inda ake da masu sa ido da tara mai zafi, mai karatu na iya kwatanta yadda zai kasance a shafin da ba shi da adireshi sai lambar WhatsApp.

Gwajin agogo hawa-hawa ne, domin masu kafa shi ma hawa-hawa suke. Mafi raunin cikinsu, da an sabunta shafin sai ya koma farko. Jan fuskar waya ƙasa sau ɗaya ya isa ya tona shi. Na gaba da shi ya fi wayo: yana ajiye lokacin shigowar mutum a cikin burauzar wayarsa, don haka ko an sabunta shafin zai ci gaba daga inda ya tsaya, kamar na gaske. Wannan sai an zo masa a matsayin baƙo. Tallan da aka danna a Facebook yana buɗewa ne a cikin manhajar Facebook ɗin, saboda haka sai a kwafi adireshin shafin, a buɗe Chrome, a danna ɗigo ukun da ke sama, a zaɓi `New Incognito tab`, a liƙa adireshin a can. Idan a Facebook saura minti shida, a nan kuma ya nuna goma sha biyar cif, magana ta ƙare. Wayar miji, ta ƙanwa ko ta maƙwabciya ma tana yin wannan aiki: a buɗe shafi ɗaya a waya biyu, a jera su. Agogon gaskiya lokaci ɗaya zai nuna a dukansu.

Akwai na uku da ke tsallake duka gwaje-gwajen nan. Shi yana ƙarewa ne da ƙarfe goma sha biyun dare ga kowa da kowa, sai dai washegari ya sake farawa da kaya iri ɗaya a farashi iri ɗaya. Irin wannan ne ya sa hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya, CMA, ta binciki shafin garaɓasa na Wowcher, inda ta lura cewa mafi yawan kayan suna nan a kusan farashinsu bayan agogon kullum ya cika. A Yulin 2024 kamfanin ya ɗauki alkawarin cire agogon dindindin da ke saman shafinsa. Maganin wannan iri ɗaya ne kawai, wato a bar shi ya ƙare. A ɗauki hoton fuskar waya yau, a dawo gobe a kwatanta. Ga tallan Facebook da Instagram akwai ƙarin hanya: kamfanin Meta yana da rumbun tallace-tallace a buɗe ga kowa, `Ad Library`, inda in aka rubuta sunan shafin mai talla za a ga tallansa da ke gudana da ranar da kowanne ya fara. Tallan da ke cewa "yau kaɗai" amma ya fara gudana tun wata biyu da suka wuce ya ba da shaida a kan kansa.

Adalci ne a faɗi cewa agogon gaskiya yana nan. Shafin sayar da tikitin jirgi da ya riƙe wa mutum kujera na wasu mintuna kafin ya biya yana da dalilin ƙirge. Babban shago da ya sanar cewa garaɓasar Nuwamba za ta ƙare a rana kaza, kuma ranar ta zo farashi ya koma, bai yi ƙarya ba. Alamarsu ita ce suna faɗin rana da sa'a a fili, kuma abin da suka ce zai faru yana faruwa.

Gargaɗin ƙarancin kaya ya fi wuyar sha'ani, domin mai saye ba ya ganin sito. A binciken Princeton an samu irin wannan saƙo 632, amma 17 kawai aka iya tabbatar da cewa na ƙarya ne. Wannan ƙaramin adadi yana nuna abu biyu: da yawansu suna iya zama gaskiya, tun da manhajojin shago irin su WooCommerce suna iya nuna ragowar kaya da kansu in ya yi ƙasa, kuma wanda ba gaskiya ba yana da wuyar kamawa daga waje. Waɗanda aka kama ɗin sun faɗa hannu ne saboda lambarsu tana sauka da tsari iri ɗaya a duk lokacin da aka buɗe shafin, ko tana tsalle ba kan gado.

Shari'ar da ta fi fito da yadda ake haɗa wannan lamba ita ce ta Fareportal, kamfanin da ke da shafukan tikitin jirgi na CheapOair da OneTravel. A Maris 2022 ya amince ya biya dala miliyan 2.6 bayan binciken ofishin Babbar Lauyar Jihar New York. Abin da binciken ya gano mai sauƙi ne ƙwarai. Idan mutum ya nemi tikiti ɗaya, shafin zai ce masa saura biyu a wannan farashi. Idan ya nemi biyu, saura uku. Lambar ba daga jirgi ta fito ba, daga bukatar mai sayen aka ɗauko ta aka ƙara ɗaya, domin ta ishe shi amma da ƙyar. Shi kuma saƙon da ke cewa mutum kaza suna kallon wannan tikiti yanzu, lamba ce da na'ura ke zaɓowa da ka tsakanin 28 da 45. Wata ƙwararriyar tsaron intanet, Ophir Harpaz, ta riga ta tona wannan tun 2019, lokacin da ta leƙa rubutun da ke bayan shafin OneTravel ta ga an raɗa wa gurbin suna `view_notification_random`. Layi ɗaya irin wannan ya isa ya samar da taron mutanen da babu su:

```
Math.floor(Math.random() * 18) + 28
```

Duk lokacin da shafi ya buɗe, wannan layi zai fitar da wata lamba daga 28 zuwa 45, ko da kuwa babu kowa a shafin sai mutum ɗaya.

Daga wannan shari'a mai saye a Tafa zai iya ciro gwaji biyu. Na farko, ya nemi fiye da abin da aka ce ya rage. Idan shafi ya ce saura uku, ya sa goma a gurbin adadi ya ga ko zai karɓa. Shagon da ke ƙirga kayansa da gaske zai ƙi. A shafukan da ba su da kwandon sayayya sai fom, ya tura saƙo ta WhatsApp ya ce yana son ashirin zai sara. Sau da yawa wanda ya ce saura uku zai amsa da murna cewa akwai. Na biyu, ya duba sauran kayan shagon. Idan bilenda saura uku, fitila saura uku, takalmi saura biyu, kowane kaya yana bakin ƙarewa a lokaci guda, to rubutun ado ne aka manna wa kowane shafi. Haka nan ƙananan saƙonnin da ke fitowa daga gefe, wai wata Amina daga Kano ta saya yanzun nan: in aka ɗan jira, sunaye da garuruwan sukan dawo a jere kamar yadda suka fara, domin jeri ne aka rubuta aka ajiye.

Ragin bogi shi ne uwa uba, domin shi ke cin kuɗi kai tsaye. Agogo da ƙarancin kaya suna tura mutum ne kawai ya yi sauri. Ragin shi ke gaya masa cewa saurin yana da riba. Ga mai shago kuwa aikin bai wuce cike gurbi biyu ba. A WooCommerce akwai `Regular price` da `Sale price`, a Shopify kuma akwai `Compare-at price`. Duk lambar da ya ga dama ya rubuta a gurbin tsohon farashi, manhaja za ta soke ta da layi, shafin ya lissafa kashi nawa aka rage. Babu wanda zai tambaye shi ko ya taɓa sayar da ko guda ɗaya a wannan kuɗi.

Lissafin ma yana da tarko. Kayan da ake sayarwa naira 20,000, in aka ɗaga shi zuwa 25,000 a wannan mako, mako mai zuwa aka sanar da ragin kashi 20 cikin 100, ya dawo 20,000 daidai. Ba a rage ko sisi ba, amma an samu abin rubutawa da jan alƙalami. Kamfanin Kogan na Ostareliya ya yi kusan haka a Yunin 2018: ya ɗaga farashin kaya 621 dab da sanar da ragin kashi 10 cikin 100, yana kuma aika wa mutane saƙon cewa saura awa 48. Kotun tarayyar ƙasar ta same shi da laifin yaudara a 2020, ta ci shi tarar dalar Ostareliya 350,000. A Yulin 2025 hukumar yaƙi da zambar kasuwanci ta Faransa ta sanar da tarar yuro miliyan 40 a kan Shein. A cikin tallan ragin da ta duba, kashi 57 cikin 100 babu ragi ko kaɗan, kashi 19 ragin bai kai yadda aka faɗa ba, kashi 11 kuma ƙari ne aka yi wa farashin. Temu, wanda ya shigo kasuwar Najeriya a ƙarshen 2024, shi ma a Nuwamban wannan shekara hukumomin kare masu saye na Turai sun sanar da shi cewa sun samu ragin bogi da matsin sayayya a shafinsa, suka nemi ya gyara.

Turai ta magance gardamar da ƙa'ida guda da ta fara aiki a Mayun 2022: duk wanda ya sanar da ragi, dole tsohon farashin da zai nuna ya zama mafi ƙanƙantar farashin da ya sayar da kayan a kwanaki 30 da suka gabata. A Satumban 2024 Kotun Tarayyar Turai ta ƙarfafa wannan a shari'ar kantin Aldi Süd na Jamus, a kan ayaba. Kantin ya tallata ayaba a yuro 1.29 ya ce ragin kashi 23 ne daga 1.69, alhali a cikin kwanaki 30 ɗin ya riga ya sayar da ita a 1.29. Kotu ta ce daga mafi ƙanƙantar farashin ake lissafin kashi. Wannan ƙa'ida ba dokar Najeriya ba ce, amma tambayar da ke cikinta ta kowa ce: nawa aka sayar da shi a watan jiya?

A nan ne halin da Najeriya ke ciki ya shigo, kuma yana yanka ta fuska biyu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a wata na gaba, mutane sun ga farashi yana tashi tsakanin safiya da maraice. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi ta Disambar 2024 a kashi 34.8 cikin 100. Magidancin da ke hawa mota daga Gauraka zuwa aiki Abuja kullum, ya ga kuɗin mota ya ninka, ya ga buhun shinkafar da ya ɗaga sayensa ya fi ƙarfinsa bayan mako biyu, rayuwa ta koya masa cewa jinkiri asara ne. Agogon bogi yana cin gajiyar wannan darasi ne na gaskiya, kuma wannan ne ya sa abin ya fi zafi: ana amfani da wahalar mutum a tatse shi. Amma wannan hali ɗin yana ba da makami. A lokacin da kusan komai ke hawa, farashin baya ya kamata ya yi ƙasa da na yau ko ya yi kusa da shi. Kayan waje da aka ce a da ya ninka kuɗinsa na yanzu, ba tare da an faɗi dalili ba, kamar rufe shago ko fitowar sabon samfuri, abin tuhuma ne tun kafin a bincika.

A ƙaddara wata mai sana'ar kunun aya da zoɓo a Sabon Wuse tana neman bilenda mai ƙarfi. Ta ga talla: an soke 45,000, an rubuta 27,000, ragin kashi 40 cikin 100, saura uku, saura minti goma sha biyar. Lissafin kashin daidai yake, domin kashi 40 na 45,000 shi ne 18,000, kuma wannan daidaiton ne ke kwantar da hankali. Sai dai 18,000 ɗin da take ganin ta tsira da shi ya dogara ne kacokan a kan lambar da mai shago ya rubuta da hannunsa.

Ta kwafi adireshin ta buɗe a ɓoyayyen shafin Chrome, agogo ya koma goma sha biyar. Ta sa adadi goma, fom ya karɓa. Daga nan ta bar maganar kashi gaba ɗaya ta koma neman lamba ɗaya tak, wato nawa ake sayar da wannan bilenda a wani wuri. Ta ɗauki hotonta ta sa a Google Lens, ta ga irinta sak a wasu shaguna da wasu sunaye. Ta rubuta samfurin da ƙarfin injinta a Jumia da Konga ta ga farashinsu. Sannan ta tura hoton ga ƙaninta da ke da abokai a kasuwar Suleja ta ce, "Don Allah Ƙanina, tambayar mini nawa suke bayar da irin wannan." A ƙaddara amsa ta dawo cewa 24,000 ne, har ana iya tayawa.

Yanzu sai a haɗa kuɗin gaba ɗaya. A intanet, 27,000 da kuɗin kawowa, a ce 3,500, ya zama 30,500. A Suleja, 24,000 da kuɗin mota zuwa da dawowa, a ce 1,500, ya zama 25,500, kuma za a jona mata ita a wuta ta ga tana aiki, in ta lalace ta san ƙofar da za ta koma. Garaɓasar da ta yi alkawarin rage mata 18,000 ashe ƙarin 5,000 ce. Tana iya yiwuwa kuma binciken ya nuna akasin haka, a ce a Suleja 33,000 ne. To a nan farashin intanet ya yi kyau, sai ta saya in ta yarda da mai shagon, amma ta san ribarta ta gaskiya 4,000 ce in an haɗa da kuɗin mota, kuma babu abin da zai hana ta saya gobe, tun da agogon zai jira ta.

Alkawarin biya bayan kaya ya iso yana sa mutane sakin jiki, su ce ai ba a karɓi kuɗinsu ba tukuna. Amma matsin ba ya tsayawa a shafin. Da an cike fom sai kira ya biyo, "Hajiya, yau ragin zai ƙare, mu turo?" In ɗan aike ya iso ƙofar gida da kwali a kan babur, ya sha rana tun daga Abuja, kunya kan hana mutum cewa ya fasa. Saboda haka binciken farashi wurinsa kafin a ba da lambar waya ne, kuma in kaya ya zo, a buɗe a gwada kafin a yi tiransifa.

Ta fuskar doka, Najeriya ba a sake take ba. Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta haramta wa ɗan kasuwa yin bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa wajen tallata kaya, har da abin da ya shafi farashi, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a Abuja. Hukumar ta nuna tana ɗaukar maganar farashi da muhimmanci a Fabrairun 2024, lokacin da ta rufe kantin Sahad na Area 11 a Garki bisa zargin cewa farashin da ke kan kanta ya bambanta da wanda ake caja a wurin biya, kafin daga baya a sake buɗe shi. Sai dai kanti mai gini da suna yana da ƙofar da za a manna wa takarda. Shafi mai fuska ɗaya da aka kafa jiya, wanda zai iya ɓacewa gobe ya dawo da sabon suna, ba shi da ita. Wannan giɓi ne na gaske, kuma ya kamata hukumar ta fito da ƙa'ida a fili game da tsohon farashi da agogon ƙirge, kamar yadda Indiya ta yi a Nuwamban 2023 da ta jera dabarun yaudara 13 na intanet ta haramta su, gaggawar ƙarya a cikinsu.

Wanda ya riga ya faɗa kuma yana son kai ƙara, ƙarfinsa yana cikin abin da ya adana. Hoton shafin da ke nuna agogo da farashi, da wani hoton na washegari da ke nuna agogon ya sake farawa, sun fi dogon bayani amfani. A haɗa da adireshin shafin, sunan shafin Facebook da ya yi tallan, saƙonnin WhatsApp, da rasidin tiransifa mai ɗauke da sunan asusun da kuɗin ya shiga, domin sau da yawa wannan suna shi kaɗai ne abin da ke kaiwa ga mutum na zahiri. Ana shigar da ƙorafi a shafin FCCPC na intanet ba sai an je Abuja ba, kuma a kan tallan kansa akwai ɗigo uku da ke kaiwa ga `Report ad`. Idan a babban dandali aka yi sayayyar, a fara da neman mayar da kaya ta cikin manhajarsu tun kafin kwanakin da suka ware su cika, domin wannan wa'adin, saɓanin wanda ke saman shafin talla, ana aiki da shi.